Daga mol zuwa giram: amsoshin tambayoyin da ɗalibai suka fi yi mini

Kowace shekara, da zarar mun shiga babin mol da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, tambayoyin da ake jefo mini kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan. Abin da na lura da shi bayan duba takardun gwaji masu yawa shi ne, ba a wurin ninkawa ɗalibai ke faɗuwa ba. Ninkawar layi ɗaya ce. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wurin fitar da nauyin mol guda daga fomula, shi ya sa za ku ga na fi daɗewa a can.

Malam, wai shi mol ɗin nan mene ne?

Adadi ne, kamar dozin. Dozin sha biyu ne, kiret ɗin ƙwai talatin ne, mol kuma 6.02 × 10²³ ne. Idan aka ce mol ɗaya na ruwa, ana nufin ƙwayoyin ruwa 6.02 × 10²³. Ana kiran wannan adadi da sunan Amedeo Avogadro, masanin kimiyya ɗan Italiya, ko da yake ba shi ya auno shi ba, bayan rasuwarsa aka yi wannan aiki.

Wasu kan kwatanta mol da mudu ko tiya. Ni ba na son wannan kwatanci, domin mudu awon cikar kwano ne, ba ƙidaya ba. Mudun gero da mudun wake cikarsu ɗaya, amma yawan ƙwayoyin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Shi kuwa mol, yawan ƙwayoyin ne bai canzawa. Dozin ya fi dacewa: dozin na lemun tsami da dozin na kankana duk sha biyu-sha biyu ne, amma wanda ya ɗauki kankanar a ka ya san ba nauyinsu ɗaya ba.

To me ya sa sai an juya shi zuwa giram?

Saboda sikeli ba ya ƙidaya, nauyi kawai ya sani. Sinadarai kuwa da ƙidaya suke haɗuwa da juna: ƙwaya ɗaya ta wannan da ƙwaya biyu na wancan. A takarda kana lissafi da mol, amma idan ka tsaya gaban sikeli a ɗakin gwaji da cokali a hannu, sai ka san giram nawa za ka ɗiba. Nauyin mol guda shi ne gadar da ke tsakanin biyun.

Shi nauyin mol guda daga ina ake samo shi?

Shi ne abin da littafinku ke kira mola mas, ana rubuta shi da babban M, ma'auninsa kuma g/mol, wato giram nawa ke cikin kowane mol ɗaya. Ana samo shi daga lambar nauyin atam da ke cikin jadawalin sinadarai. An tsara girman mol ne ta yadda lambar nauyin atam za ta zama ita ce nauyin mol guda a giram. Kabon 12 ne a jadawali, to mol ɗaya na kabon giram 12 ne. Sodiyam 23, mol ɗaya giram 23.

Idan sinadarin haɗaɗɗe ne, sai ka tara nauyin duk atam ɗin da ke cikin fomularsa. Ruwa, H₂O, yana da haidurojin biyu da oksijin ɗaya, wato 1 da 1 da 16, jimla 18. Giram 18 na ruwa bai fi cikin babban cokali da ɗan ɗoriya ba. Gishirin miya, NaCl, 23 ne da 35.5, jimla 58.5. Sukari kuwa, C₁₂H₂₂O₁₁, ya kai 342, kusan sulusin kilo ke nan. Na kan jera ukun a kan tebur a aji: ɗan ruwa a ƙasan kofi, gishiri a tafin hannu, sukari cike da gwangwani. Kowanne mol ɗaya ne. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya sake tambayar ko mol ɗaya giram nawa ne ba tare da ya faɗi na wane abu ba.

A yi mana misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Bari mu ɗauki abin da kowane ɗan manomi ya sani, takin yuriya. Ga tambayar: mol 2.5 na yuriya, CO(NH₂)₂, giram nawa ne? An ba da C = 12, O = 16, N = 14, H = 1.

Kafin ka taɓa kalkuleta, ƙidaya atam ɗin. Kabon ɗaya. Oksijin ɗaya, kuma ka lura babban C ne da babban O, abu biyu ke nan, ba Co na kobalt ba. Sai NH₂ a cikin baka, da ƙaramar 2 a wajen bakar, ma'ana duk abin da ke ciki sau biyu ne. Naitirojin ya zama biyu, haidurojin ya zama huɗu.

```
C: 1 × 12 = 12
O: 1 × 16 = 16
N: 2 × 14 = 28
H: 4 × 1  = 4
M = 60 g/mol
```

An gama da mai wuyar. Mol ɗaya giram 60 ne, kai kuma kana da biyu da rabi. Biyu sun ba ka 120, rabin ya ba ka 30.

```
m = n × M
m = 2.5 mol × 60 g/mol = 150 g
```

Ƙaramin m shi ne nauyin da ake nema a giram, n yawan mol, babban M nauyin mol guda.

Ga wani abu da nake so ku gani a cikin wannan lissafin. Daga cikin 60 ɗin nan, 28 na naitirojin ne. Raba 28 da 60, za ka samu kashi 46.7 cikin ɗari. In ka je shagon mai taki ka duba jikin buhun yuriya, za ka tarar an rubuta 46% N. Wannan lambar daga fomular da ka gama ƙidayawa ta fito. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kusan mol 833 na yuriya, naitirojin ɗin da ke ciki kuma kilo 23 ne da 'yan kai. Wani ɗalibina ya taɓa cewa ashe rabin kuɗin babansa ba a naitirojin yake tafiya ba. Na ce masa ba cuta ba ce, haka ƙwayar take, ba a raba naitirojin ɗin da sauran atam ɗin da ke riƙe da shi.

Kullum ina rikicewa: ninkawa zan yi ko rabawa?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma yawanci tana zuwa ne daga wanda ya haddace fomula bai san abin da take faɗa ba. Akwai alwatikan nan da ake zanawa, m a sama, n da M a ƙasa. Ba laifi, yana aiki, amma a zauren jarrabawa na sha ganin ɗalibi ya zana shi a kife, ya ɗora n a sama, daga nan komai ya lalace.

Abin da ya fi shi ne ka tambayi kanka kamar kana kasuwa. Idan buhu ɗaya kilo 50 ne, buhu uku kilo nawa ne? Ba wanda zai ce a raba. To haka mol yake: ɗaya giram kaza ne, guda nawa nake da su, sai in ninka. Rabawa tana zuwa ne in an juya tambayar, an ba ka giram ana neman mol, kamar a ce kana da kilo 150, buhu nawa ke nan.

Hanya ta biyu ita ce ka rubuta ma'auni kusa da kowace lamba. Mol sau g/mol, mol na sama ya kashe mol na ƙasa, saura g. In ka yi kuskuren rabawa, abin da zai rage maka shi ne mol²/g, wanda ba ma'aunin komai ba ne.

Sannan in ka gama, dubi girman amsar. Mol ɗin da aka ba ka ya haura ɗaya? To dole amsarka ta fi M girma. Bai kai ɗaya ba? Dole ta gaza M. Wanda ya raba 2.5 da 60 zai samu 0.042, wanda ya raba 60 da 2.5 zai samu 24. Dukansu ba su kai 60 ba, alhali mol ɗaya kaɗai ma 60 ne. Yaya mol biyu da rabi zai gaza mol ɗaya nauyi? Wannan dubawar ba ta cin daƙiƙa biyar.

Na samu 58 a Ca(OH)₂, amma an ce 74 ne. Ina na kauce?

Ka ba haidurojin kaɗai lambar 2 ɗin, ka manta da oksijin. Ka tara 40 da 16 da 2, ka samu 58. Amma 2 ɗin tana wajen baka, ta kowa ce da ke ciki: OH nauyinsa 17, sau biyu 34, a haɗa da 40 na kalsiyam, 74.

Dabarar da nake koyarwa ita ce a fara gama lissafin cikin baka tukuna, a samu lamba ɗaya, sannan a ninka ta da ta waje. Gwada da (NH₄)₂SO₄, wani takin zamani ne shi ma. NH₄ shi ne 14 da 4, wato 18, sau biyu 36. Salfa 32. Oksijin huɗu 64. Jimla 132. Idan aka ce maka mol 0.5, amsa giram 66. Lura cewa 4 ɗin da ke bayan O a SO₄ ta oksijin ce kaɗai, ba ta shafi salfa ba, domin babu baka a wurin.

In an ce mol ɗaya na oksijin, 16 zan ɗauka ko 32?

Karanta tambayar da kyau. In an ce atam na oksijin, O ne, 16. In an ce iskar oksijin, ko ƙwayoyinta, O₂ ne, 32, domin a iska atam ɗin bibbiyu suke tafiya a manne. Haka haidurojin H₂ 2 ne, naitirojin N₂ 28, kulorin Cl₂ 71. In tambaya ta ce oksijin kawai ta yi shiru, kuma maganar haɗuwar sinadarai ake yi, O₂ ake nufi. Alamar wannan kuskure ita ce amsarka ta fito rabin ta gaskiya cif.

Mene ne ɗigon nan da ke cikin Na₂CO₃·10H₂O? Sau ake nufi?

A'a. A lissafi ɗigo na iya nufin ninkawa, amma a nan tarawa yake nufi. Yana gaya maka cewa kowace Na₂CO₃ ɗaya tana riƙe da ƙwayoyin ruwa goma a cikin ƙanƙararta. Ruwan nan ba ka ganin sa, abin a bushe yake a hannu, amma sikeli yana jin nauyinsa.

```
Na₂CO₃: (2 × 23) + 12 + (3 × 16) = 106
10H₂O:  10 × 18 = 180
M = 106 + 180 = 286 g/mol
```

Ka ga ruwan ya ma fi sinadarin kansa nauyi. Wannan abu ya taɓa kunyata ni a gaban aji, bari in ba ku labari. A shekarata ta farko da fara koyarwa, ina shirya wa 'yan aji uku gwajin taitireshan, wato ɗiga asid a cikin ruwan wani sinadari har launi ya juya don a gano ƙarfin ɗayansu. Ina buƙatar ruwan sodiyam kabonet 250 cm³ mai ƙarfin 0.1 mol/dm³. Lissafin kansa daidai na yi shi: 250 cm³ rubu'in lita ne, 0.1 sau 0.25 ya ba ni mol 0.025, na ninka da 106, na samu giram 2.65. Na ɗauko kwalba daga kabad, na auna 2.65 a tsanake, na narka, na cika har layi.

Da ɗalibai suka fara ɗigo asid daga buret, ina sa ran launi zai juya a wajen 25 cm³. Sai wata yarinya a teburin farko ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, namu ya canza tun a tara da ɗigo uku." Na ce ta sake, ƙila ta yi garaje. Tebur na biyu suka ce su ma haka. Na uku ma haka. Da na koma na ɗauko kwalbar na goge ƙurar da ke kan takardarta, sai ga ·10H₂O a rubuce ƙarara. Giram 2.65 ɗin da na auna, in aka raba da 286, mol 0.0093 ne kawai, bai fi kashi 37 cikin ɗari na abin da nake nema ba. Abin da ya kamata in auna daga wannan kwalba shi ne 0.025 sau 286, wato giram 7.15.

Ko a ido ma ana iya bambanta su. Wanda babu ruwa farin gari ne, mai ruwa kuwa ƙanƙara ce mai ɗan sheƙi kamar gilashi. Sai dai akwai wata matsalar: in aka bar mai ruwan a buɗe, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe ƙarau, yakan saki mafi yawan ruwansa ya koma gari. A lokacin ba 286 ba ne, ba kuma 106 ba, kana tsakiya ba ka san inda kake ba. Shi ya sa don aikin da ke son daidaito ake amfani da marar ruwan, bayan an gasa shi an bar shi ya huce a rufe.

Me ya sa kulorin 35.5 ne? Akwai rabin atam ne?

Babu. Kulorin iri biyu ne a cakuɗe, mai nauyin 35 da mai nauyin 37. A cikin kowane huɗu, kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37. Tara 35 sau uku da 37 sau ɗaya, 142, raba da huɗu, 35.5. Matsakaici ne. Kada ka mayar da shi 35 ko 36 don neman sauƙi.

Littafina ya ce Cu 63.5 ne, takardar tambaya ta ce 64. Wanne zan bi?

Bi na takardar tambaya. A jarrabawar WAEC da NECO akan ba da lambobin a ƙarshen tambaya, kuma da su aka fitar da amsar da mai maki ke riƙe da ita. Da 64, CuSO₄·5H₂O zai ba ka 250, mol 0.2 kuma giram 50. Da 63.5 zai ba ka 249.5, amsa ta zama 49.9. Bambancin kaɗan ne, amma babu dalilin jayayya da mai maki a kan abin da ya riga ya ba ka kyauta.

Babbar lambar da ke gaban fomula fa, kamar 2 a 2MgO, ana sa ta cikin nauyin mol?

Ba a sa ta. Nan ne masu ƙoƙari ma ke zamewa, don haka mu bi a hankali. Ƙaramar lamba ta ƙasa tana cikin jikin fomula, ita ke faɗin yadda ƙwayar take. Babbar lamba ta gaba kuwa yawan mol take faɗa, wato gurbin n take, ba na M ba. MgO nauyinsa 24 da 16 ne, 40, ko an rubuta 2 a gabansa ko 200.

Ga tambaya: in mol 0.3 na iskar oksijin ya ƙone da isasshen magnisiyam, giram nawa na MgO za a samu?

```
2Mg + O₂ → 2MgO
n(MgO) = 2 × 0.3 = 0.6 mol
m = 0.6 × 40 = 24 g
```

Aikin 2 ɗin ya ƙare a layi na biyu, inda ta mayar da 0.3 ya zama 0.6. Abin da nake yawan gani a takarda shi ne ɗalibi ya samu 0.6 daidai, sannan ya zo wurin M ya rubuta 80, ya fito da 48. Ya yi amfani da 2 ɗin sau biyu ke nan. Akwai kuma wanda zai ɗauki 80 ya ninka da 0.3 ya samu 24. Amsar ta dace, amma ba na ba da cikakken maki a kai, domin ya rubuta cewa nauyin mol guda na MgO 80 ne, kuma ba haka ba ne. Ranar da lissafin ya ɗan murɗe, wannan hanyar za ta yar da shi.

Ina 22.4 ke shigowa?

Ba ta shigowa nan. Ita 22.4 dm³ cikar wurin da mol ɗaya na iska ke ɗauka ne a s.t.p., wato a daidaitaccen zafi da matsi. In giram aka tambaye ka, ko da abin iska ne, M za ka nema. Mol 2 na CO₂ giram 88 ne, wato 2 sau 44.

Amsata daidai ce amma an rage mini maki. Me ya jawo?

Yawanci ɗayan abu uku ne. Ko ka rubuta 150 tsirara babu g a gabanta, mai maki kuwa ba zai yi maka zaton alheri ba. Ko ka yi komai a kalkuleta ka sauke amsar ƙarshe kaɗai, alhali a ɓangaren rubutu akan raba makin ne tsakanin matakai: fitar da M, rubuta fomula, sa lambobi, amsa. Wanda ya nuna aikinsa ya yi kuskure a layin ƙarshe yana tsira da wani abu. Ko kuma ka datse lamba tun a tsakiya. Misali mol 0.125 na NaCl giram 7.31 ne, amma in ka mayar da 0.125 ya zama 0.13 kafin ka ninka, za ka samu 7.61. Bar lambobi yadda suke sai a ƙarshe, sannan ka taƙaita amsar gwargwadon lambobin da aka ba ka a tambaya. Kwafe 7.3125 gaba ɗaya ma ba burgewa ba ce, don lambobin da ka fara da su ba su kai wannan daidaiton ba.

Sai kuma batun kilo da miligiram. Fomular giram take bayarwa. In an nemi amsa a kilo, raba da 1,000 bayan ka gama.

In na auna giram 4.0 na NaOH a ɗakin gwaji, na samu mol 0.1 cif ke nan?

A takarda, e: 23 da 16 da 1 sun ba da 40, sau 0.1 kuma giram 4.0. A kan sikeli kuwa, da ɗan saura. Fomular m = n × M tana ɗauka cewa duk abin da ka ɗora tsantsar sinadarin ne, shi kuwa NaOH yana zuƙar danshi daga iska. Zuba 'yan ƙwayoyinsa a kan gilashin awo da damina ka tsaya kallo: cikin 'yan mintuna za su fara sheƙi, su yi laushi, lambar sikeli kuma tana hawa a hankali kai ba ka ƙara komai ba. Yana kuma haɗuwa da CO₂ na iska, wani ɓangarensa ya koma kabonet. Saboda haka a cikin giram 4.0 ɗinka akwai ruwa da wani abin daban, mol ɗin NaOH na gaske bai cika 0.1 ba. Abin da ake yi shi ne a auna da sauri, a rufe kwalbar nan take, kada kuma a taɓa shi da hannu don yana cin fata. Bayan an narka shi, sai a gwada shi da asid ɗin da aka riga aka san ƙarfinsa, daga nan a fitar da ainihin mol ɗin da ke ciki.